Baki, wuya, ƙafa: yadda ake raba agwagwa da dinya da sauran tsuntsayen ruwa a hoton tafki

Hoton da zan yi magana a kansa an ɗauke shi ne da hantsi a watan Janairu, a wani tafki na fadamar Haɗeja da Nguru, ba nisa da Baturiya. Ƙanena ne ya ɗauka da wayarsa, ya turo mini da saƙo guda: "Yaya, duba agwagin daji." Na ƙirga tsuntsaye 23 a ciki. Da na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya, 15 ne kawai suka fito daga dangin agwagwa, kuma su ɗin ma aƙalla iri biyar ne daban-daban. Sauran takwas ɗin ba su haɗa komai da agwagwa ba sai zama a ruwa ɗaya.

Ba laifinsa ba ne. Ido launi yake fara kamawa, launi kuwa shi ne abin da ya fi yin ƙarya a hoton ruwa. Hazon hunturu yana mayar da komai ruwan toka, rana in tana bayan tsuntsu sai ya fito baƙi ƙirin, laka tana ɓata farin gashi, namiji da mace sukan bambanta, yaro bai kama da babba ba. Siffar baki da tsawon wuya da ƙirar ƙafa su ne ba sa canzawa da hazo ko da wata, domin da su tsuntsu yake neman abinci. Saboda haka ni da su nake farawa, kuma a wannan jerin: baki, sannan wuya, sannan ƙafa. Dalilin jerin mai sauƙi ne. Baki kusan kullum yana fitowa a hoto, wuya yakan fito amma tsuntsu yana iya lanƙwashe shi, ƙafa kuwa sau da yawa tana cikin ruwa. Launi sai daga ƙarshe, bayan an san dangin.

Af, mai rubutu a waya ya kula da ƙugiyar nan. "Baki" da "baƙi" za su yi ta haɗuwa a jimla ɗaya a nan, don tsuntsaye da yawa bakinsu baƙi ne.

Tambayar farko da za a yi wa kowane tsuntsu a hoton ita ce: bakinsa shimfiɗaɗɗe ne ko mai tsini? Bakin dangin agwagwa a baje yake daga sama zuwa ƙasa, ƙarshensa a zagaye, da ɗan ƙumba a kan tsininsa kamar farce. A gefensa ta ciki akwai jerin siraran haƙora-haƙora kamar na mataji, waɗanda take tace ruwa da laka da su, ruwan ya fita, iri da ƙwari su tsaya. Ba za a ga matajin a hoton waya ba, amma faɗin bakin yana nunawa ko daga nesa: daga gefe yana gangarowa daga goshi a hankali kamar bakin cokali, ba ya fita tsaye kamar mashi. Duk tsuntsun da bakinsa ya fita kamar mashi, ko ya ƙare da ƙugiya, ko ya yi gajere kamar na kaza, to a fitar da shi daga lissafin agwagi tun kafin a dubi jikinsa.

Da wannan tambaya kaɗai na ware takwas ɗin nan. Zan koma kansu. Bari in fara da 15 ɗin da suka rage.

Tara daga cikinsu suna tsaye a jere a kan wani ɗan tudun laka. Baki na agwagwa ne, mai duhu. Amma wuyansu ya fi na agwagwar gida tsawo, sun miƙe shi sama, jikinsu ma a tsaye yake, ƙirji gaba, ƙafafu dogaye masu ruwan toka. Wannan tsayuwa ita ce sa hannun kirinjijiya, agwagwar nan mai fito da ake jin ta tana wucewa da dare a garke. Sai bayan na kai nan na dubi launi, ya kuma tabbatar: farar fuska, baƙar ƙeya, ƙirji mai ruwan makuba, gefen jiki da siraran layuka baƙi da fari. A kirinjijiya namiji da mace kamarsu ɗaya, don haka kada a wahalar da kai wajen raba su a hoto.

To amma biyu daga cikin taran ba su da farar fuska, kuma a nan ake yawan kuskure. Abu uku ne ke iya jawo haka. Na farko laka: kirinjijiya tana cusa kai a ruwa mai dauɗa, fuskar ta rine ta koma ruwan ƙasa-ƙasa. Na biyu ƙuruciya: 'yan bana ba su yi farar fuska ba tukuna, tasu toka-toka ce. Na uku kuwa, akwai 'yar uwarta da ke shiga garkenta, wadda littattafan tsuntsaye ke kira fulvous whistling duck. Ita duk kanta da ƙirjinta ruwan zuma ne, tana da baƙin layi da ya sauko ta bayan wuya, kuma maimakon siraran layuka a gefe tana da manyan zane farare masu tsawo a inda fiffike ya sauka. Na zuƙo hoton. Ɗaya tana da siraran layukan nan a gefe, kenan kirinjijiya ce yarinya ko mai dattin fuska. Ɗayar tana da faffaɗan farin zane, kenan 'yar uwar ce. Baki da wuya da ƙafa sun kawo ni ƙofar gidan, launi ya nuna mini ɗakin kowa.

A bayansu, cikin ciyawa, akwai wani ƙaton tsuntsu guda da ya ninka kowace kirinjijiya nesa ba kusa ba. Ƙanena ya ce agwagwar wani ce ta ɓato daga gari. Na fahimci abin da ya sa ya ce haka, don agwagwar gida da muka saba kiwo tana da jan fata a fuska, kuma sau da yawa baƙa da fari ce, wannan ma haka. Kama da wane dai ba ta wane. Agwagwar gida, wadda asalinta daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu aka yaɗa ta duniya, gajerun ƙafafu gare ta, jikinta a kwance yake kamar kwale-kwale, wutsiya doguwa, wuya gajere mai kauri, kuma jan fatar fuskarta gudaji-gudaji ne kamar an liƙa mata. Wannan na hoton kuwa doguwar ƙafa gare shi mai ruwan hoda, ana ganin gwiwa sarai sama da ciyawa, wuya dogo, baki ja-ja mai kauri a gindi wanda ya hau har goshi, baya baƙi mai sheƙi, ciki fari. Dinya ce. Ita ce mafi girma a dangin agwagwa a duk Afirka, babban namiji yakan kai mita ɗaya a tsawo, nauyinsa yakan wuce kilo 5. Tana da ƙaya mai tsini a gwiwar fiffike da take faɗa da ita, amma in fiffiken a naɗe yake ba a cika gani ba, saboda haka kada a ce ba ita ba ce don ba a ga ƙayar ba.

A nan ya kamata in tsaya kan kalmar dinya, don tana rikita masu duba littattafan Turai. A can, bambancin agwagwa da dinya a fili yake: dinya babba ce, wuya dogo, baki gajere mai tudu a gindi don tsinkar ciyawa, ƙafafu a tsakiyar jiki don tafiya a tudu. Agwagwa ƙarama ce, baki faffaɗa, ƙafafu sun ja baya don iyo. Wannan ƙa'ida tana aiki a kan farar dinyar gida mai baki ruwan lemo da wasu ke kiwo. Amma dinyoyin daji na Turai da Asiya ba sa zama a fadamunmu. Tsuntsayen da Turawa suka laƙaba wa sunan dinya a nan, kowane da nasa labarin. Wadda suke kira dinyar Masar, mai duhun tabo zagaye da ido da dogayen ƙafafu ruwan hoda, tsaka-tsaki ce tsakanin agwagwa da dinya. Akwai ma wadda sunan bai dace da ita ba ko kaɗan, kuma tana cikin hoton.

Can gefen dama, inda ganyen bado ya rufe ruwa, akwai wasu 'yan mitsi-mitsi guda biyu da sai an zuƙo ake ganinsu. Girmansu bai fi na tantabara ba, kamar santimita 30. Bakinsu gajere ne, ruwan ɗorawa, mai tudu a gindi kamar na dinya, kuma saboda wannan bakin ne aka sa musu African pygmy goose, wato wadar dinya, alhali agwagi ne. Bakin ya yi haka ne domin 'ya'yan bado suke ci, ba tace laka suke yi ba. Wuya gajere, fuska fara, gefen jiki ruwan lemo mai duhu, namijin yana da koren tabo a gefen kai. Ni dai in na ga bado ya yi yawa a hoto, nakan bi ganyen a hankali, don sau da yawa suna nan a lafe, mai hoton ma bai san ya ɗauke su ba.

Tara da ɗaya da biyu, 12 kenan. Ukun da suka cike 15 su ne suka fi ba ni wahala, kuma zan bar su zuwa ƙarshe.

Mu koma kan takwas ɗin da bakinsu ya kore su daga dangin.

Ɗaya yana iyo a tsakiyar tafkin, ƙarami, dunƙulalle, kuma kowa zai rantse ɗan agwagwa ne da ya rabu da uwarsa. Bakinsa ne ya tona shi: gajere, mai tsini, da ɗan farin tabo a inda bakin ya haɗu da fuska. Bayansa kuma a dunƙule yake kamar auduga, babu wutsiyar kirki. Wannan shi ne little grebe, babban tsuntsu ne da ya gama girma, gwanin nutso. Da za a ga ƙafarsa da an sha mamaki, domin babu fatar da ta haɗe yatsun, kowane yatsa da nasa faffaɗan gefe kamar ganye, ƙafafun kuma can ƙarshen jiki suke, shi ya sa da wuya a gan shi yana tafiya a tudu. In ana da hotuna biyu a jere, aka gan shi a na farko, a na biyu babu shi sai da'irar ruwa, to wannan ma shaida ce.

Biyu suna kan wani busasshen reshe da ya fito daga ruwa, dukansu baƙaƙe, ɗaya ya buɗe fikafikai yana shanya. Daga nesa iri ɗaya ne. Na farko bakinsa siriri ne da ƙugiya a ƙarshe, wuyansa matsakaici, wutsiya doguwa, shi ne long-tailed cormorant. Na biyu bakinsa a miƙe yake kamar tsinke, babu ƙugiya, wuyan kuma siriri ne dogo da karaya a tsakiya kamar maciji ya fasa kai, shi ne African darter. Bambancin bakin daga salon kamu ya fito: mai ƙugiya cafke kifi yake yi, mai tsinke soke shi yake yi. Dukansu in suna iyo jikinsu nutsewa yake yi, na biyun ma har sai wuya kaɗai ya rage a sama. Agwagwa kuwa a saman ruwa take zama kamar ƙwarya. Saboda haka in aka ga wuya da kai a hoto, jiki ya kusa ɓacewa, ba agwagwa ba ce.

Reshen nan ya yi mini amfani, don a kansa ne kaɗai na ga tafin ƙafa sosai. Wannan ne wurin da ƙafa ke yanke hukunci. Agwagwa da dinya yatsu uku na gaba ne fata ta haɗe musu, na huɗun ɗan ƙarami ne a baya, a sake. Waɗannan biyun na kan reshe, da kwasakwasa mai jakar fata a ƙarƙashin baki, duk yatsu huɗun fata ta haɗe. Sai masu ganye a yatsa irin na ɗan nutson nan. Sai kuma waɗanda ba su da fata ko kaɗan, yatsu ne dogaye zalla. Ƙira huɗu kenan, kuma wanda ya riƙe su ba zai sake kiran duk mai iyo agwagwa ba.

Masu dogayen yatsun biyu ne a hoton. Ɗaya tana iyo kusa da kacala, baƙa, da jan baki mai ruwan ɗorawa a tsini, jan ya hau goshi kamar tambari. Kazar ruwa ce. Tana iyo lafiya lau ba tare da fata a ƙafa ba, sai dai tana yi tana gyaɗa kai gaba da baya. Ɗayar tana tafiya a kan ganyen bado kamar a kan tabarma, jiki ruwan makuba, gaban wuya fari, baki da goshi shuɗi-shuɗi. Yatsunta da faratanta sun yi tsawon da ya wuce hankali, su ne ke raba nauyinta a kan ganye. African jacana kenan, kuma ita ko a mummunan hoto ba a ɓata ta.

Saura farare uku a bakin ruwa. Ƙanena ya ce balbelu ne, na ce ɗaya ce kawai a cikinsu. Balbela gajeren baki gare ta mai kauri, ruwan ɗorawa, wuyanta gajere, ƙasan haɓarta a cike, kuma ta fi son bin shanu a tudu da tsayuwa cikin ruwa. Ta biyu siririya ce, baki baƙi siriri, ƙafafu baƙaƙe, kuma da yake ta ɗaga ƙafa ɗaya daga ruwa sai ga yatsun ruwan ɗorawa kamar ta sa safa. Wannan ita ce little egret. Ta uku ta fi su tsawo sosai, tana kusan kai zalɓe, baki dogo ruwan ɗorawa, wuya dogo da karaya. Na zuƙo kanta, na ga layin bakin ya wuce ƙarƙashin ido ya yi baya, wannan kuma alamar great egret ce. Akwai wata matsakaiciya mai kama da ita wadda layin bakinta a daidai ido yake tsayawa. In hoton bai nuna wannan layi ba, a tsaya a "babbar farar dangin zalɓe", ya isa.

Game da wuya akwai abu guda da ke taimakawa in tsuntsun yana sama. Zalɓe da balbela da danginsu naɗe wuya suke yi in suna tashi, kai ya koma tsakanin kafaɗu. Agwagwa da dinya da shamuwa da jinjimi da gauraka miƙe shi suke yi. Babba da jaka ne ya saɓa wa danginsa na shamuwa, shi naɗewa yake yi. A ƙasa kuwa wuya abin tuhuma ne, domin zalɓe mai hutawa yana iya fitowa kamar ba shi da wuya sam, agwagwar da ta firgita kuma ta miƙe nata har ta yi kama da dinya. Abin da nake yi shi ne in nemi tsuntsu fiye da ɗaya na irin, in dogara da wanda yake a sake. Girma ma haka: ba a auna tsuntsun gaba da na baya, sai waɗanda suke layi ɗaya a kan ruwa.

Yanzu ga ukun da na ajiye. Suna iyo can nesa, ƙanana, ruwan ƙasa mai ɗigo-ɗigo, kwance a kan ruwa, wuya gajere, baki na agwagwa sosai. Ƙafa ba ta fito ba. Ba kirinjijiya ba ne, tsayuwar wuyan ta nuna. A nan sai ranar da aka ɗauki hoton ta shigo cikin lissafi. Daga wajen Oktoba zuwa Maris, fadamun Sahel, daga kogin Sanagal zuwa tafkin Chadi, suna karɓar agwagin da suka gudo wa sanyin Turai da Asiya. Saboda irin waɗannan baƙi ne ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a watan Janairu, kuma suna cikin dalilan da aka sa tafkin Nguru a jerin dausayoyin Ramsar, yarjejeniyar ƙasashen duniya ta kare dausayi, a 2000, aka ƙara Baturiya da Dagona a 2008. Da hoton na watan Agusta ne, da ban kawo su a rai ba, kamar yadda ba zan nemi shamuwa a hoton Janairu ba tunda ita da damina take zuwa.

Uku ne aka fi gani cikin baƙin nan, kuma baki da wuya suna raba su ko da matan ne, waɗanda launinsu kusan ɗaya ne. Wadda ake kira northern shoveler bakinta ya fi kanta tsawo, yana faɗaɗa a ƙarshe kamar ludayi, har yana sa ta yi kamar za ta kifa gaba. Northern pintail kuwa wuya gare ta siriri dogo, da wutsiya mai tsini. Ukun da ke hoton ba su da ludayi, ba su da dogon wuya, kuma sun fi kirinjijiya ƙanƙanta. Wannan ya bar garganey, wadda dama tana cikin mafi yawan baƙin agwagin da ke sauka a yankin. Namijinta in ya yi adon aure yana da faffaɗar farar gira da ta lanƙwasa daga ido zuwa ƙeya, ba a ɓata shi. Sai dai mazan sukan iso mana cikin shigar mata, sai hunturu ya yi nisa adon yake fitowa, shi ya sa a Nuwamba za a ga garke guda kamar babu namiji a ciki.

A cikin ukun, ɗaya ya juya gefe, kuma duk da hoton ya fara fashewa, farar girar ta fito. Na rubuta masa sunansa. Na biyu yana kusa da shi, girmansu ɗaya, ana ganin layi mai duhu ya ratsa ido da ɗan haske sama da ƙasansa, irin fuskar macen. Ita na rubuta "mai yiwuwa". Na ukun ya cusa baki a cikin gashin baya yana barci, babu baki, babu wuya, babu ƙafa, sai dunƙulen ruwan ƙasa a kan ruwa. Zaman da ya yi kusa da su ba hujja ba ce, don agwagin hunturu cakuɗuwa suke yi. A takardata na sa masa "ƙaramar agwagwa, ba a tantance ba", na kuma gaya wa ƙanena in ya koma tafkin ya juya wa rana baya, ya ɗauki hoto biyar ko shida a jere maimakon guda, ya kuma jira har masu barcin su ɗaga kai.